Daga "Slm, ya aiki" sai hirar ta mutu

Anti, barka da aiki. Ni ɗan Zariya ne, shekarata 32, ina aikin akanta a Abuja. Wata huɗu ke nan da na buɗe shafi a wata manhajar neman aure. Akwai tambayoyi uku da ake amsawa a ƙarƙashin hoto. Inda aka ce wace irin mata kake nema, na sa "mai addini, mai tarbiyya da haƙuri". Inda aka ce yaya kake yin ranar hutunka, na sa "hutawa, kallon ƙwallo da zumunci". Ta ukun, abin da mutane ba su sani ba game da kai, na sa "ki tambaye ni". Muna zaɓar juna da mata, ba laifi, amma daga "Slm, ya aiki" sai hirar ta mutu. Ni ne ban iya ba, ko matan ne ba da gaske suke ba?

Bazazzagi a Abuja

Ƙanena, barka kadai. Kafin mu ɗora wa matan laifi, ina so ka yi wani ɗan gwaji yau da dare. Buɗe shafin naka, ka manta cewa kai ne ka rubuta shi. Ka ɗauka kai budurwa ce 'yar shekara ashirin da shida, ta dawo daga aiki ta gaji, tana riƙe da waya da hannu ɗaya, kuma shafinka shi ne na talatin da ta gani a daren. Karanta amsarka ta farko, sannan ka ɗauki biro ka rubuta saƙon da za ta iya turo maka a kanta. Ba gaisuwa ba, saƙon da ya fito daga cikin abin da ka rubuta. Yi haka a kan ta biyu, ka yi a kan ta uku.

Ni na gwada kafin in zauna amsa maka. A kan ta farko abin da na samu shi ne "Masha Allah". A kan ta biyu, "Ni ma haka". A kan ta uku kuwa na daɗe ina juya biro ban rubuta komai ba, domin ka ba ni aiki ne ba ka ba ni kayan aikin ba. In tambaye ka me? Ban san komai a kanka ba balle in san inda zan tono.

To idan mace ba ta sami abin kamawa ba, gaisuwa za ta koma wa. Gaisuwarmu kuma, ka sani, kowace tambaya da amsarta take tafe. Ina gajiya, ba gajiya. Ya aiki, da godiya. Ya mutanen gida, lafiya lau. An gina ta ne domin a share fage, ba domin a zauna a kanta ba. A zaure ko a ƙofar gida hakan ba ya zama matsala, saboda da an gama gaisawa akwai abin da ido zai kama: ƙaninta da aka aika ya yi sallama da ita yana leƙe, an ɗauke wuta, abokin da ya raka ka ya jefa wata magana an yi dariya. A waya duk babu waɗannan. Amsoshin nan uku su ne tabarmar, su ne abokin rakiyar. Idan babu komai a cikinsu, gaisuwa na ƙarewa sai shiru.

Akwai kuma abin da maza da yawa ba sa lura da shi, wato kunya. 'Yar mutunci da aka rena a kan cewa namiji ne ke fara magana, ko da ta ga ka kwanta mata, ba za ta so ta zama ita ce mai neman hira ba, kada a ce ba ta da aji. Amma idan ka ajiye mata wani abu da za ta gyara maka, ko ta musa, ko ta tsokane ka a kai, ka ba ta hujja. Ba ta ce tana sonka ba, kuskure kawai ta gani ta kasa yin shiru. Aikin kowace amsa a shafinka ke nan: ta ba mai kunya dalilin buɗe baki ba tare da ta ji ta zubar da kanta ba.

Masu ƙera manhajojin nan ma da wannan niyyar suka sa tambayoyin. A Hinge, wadda ta yi suna da su a Amurka da Birtaniya, dole ne mutum ya amsa guda uku, kowace amsa kuma ba ta wuce harafi 150. Ba a kuma nuna sha'awa ga shafi dungurungum, sai an taɓa hoto ɗaya ko amsa ɗaya, ana iya haɗawa da 'yar magana a kai. Wato kowace amsa ƙofa ce mai zaman kanta. Kai ka gina uku, ka toshe su duka da bulo.

Ka tuna na mayar maka da saƙo na ce ka faɗa mini abin da ka yi ranar Asabar da ta wuce, daga asuba har dare, kada ka ƙawata kada ka rage. Da wannan za mu yi aiki, domin amsa mai kyau ba ƙirƙirarta ake yi ba, tono ta ake yi daga abin da mutum ya riga ya saba. Ka ce bayan sallar asuba ka koma barci, ka tashi ka yi wanki, sannan ka ɗora tukunya don ka gaji da abincin saye. Wata shida kana koyon miyar kuka, kullum sai ta yi gudaji, ka kira Inna a waya ta yi maka dariya ta ce laifin hannunka ne. Da yamma ka kalli ƙwallo a gidan aboki. Har ka ƙara da cewa, "Anti, babu wani abin labari a ciki."

Ƙanena, ga labari nan ka taka shi ka wuce. Duba yadda amsar ranar hutu za ta koma:

"Asabar da safe ni ke dafa wa kaina miyar kuka. Wata shida ke nan, har yanzu gudaji take yi. Inna ta ce laifin hannuna ne."

Bai kai harafi 130 ba, ko'ina zai shiga. Yanzu sake yin gwajin biron. Wata za ta ce, "Malam, kukar duka kake zubawa lokaci guda ko?" Wata za ta ce, "Da maburgi kake kaɗawa ko da cokali?" Mai tsokana za ta ce, "Inna ta yi gaskiya." Wata za ta tsallake miyar gaba ɗaya ta tambaya, "Tuwon fa, shi ma kai ke tuƙawa?" Saƙo huɗu ke nan daban-daban daga layi biyu, kuma babu wanda ya nemi mace ta yi dogon tunani ko ta faɗi sirrinta.

Lura da abin da ya sa ta yi aiki. Akwai sunan abu, ba "girki" ba, miyar kuka. Akwai abin da bai kammalu ba, gudajin nan da har yanzu ya gagare ka, kuma abin da bai kammalu ba shi ke jan mutum ya sa baki. Da ka rubuta "na iya girki sosai", ka rufe maganar, sai dai a ce maka sannu da ƙoƙari. Sannan ta faɗi abubuwa uku game da kai ba tare da ka yabi kanka ba: kana kula da kanka, kana waya da mahaifiyarka, kuma ana iya yi maka dariya ba ka ji haushi ba. Da ka rubuta "ni mutum ne mai sauƙin kai da barkwanci", babu wadda za ta yarda, domin kowa haka yake cewa. Mai barkwanci ba ya sanarwa.

Na bar ƙwallon da zumuncin da gangan. Ba don aibu ne ba, sai don amsa ɗaya abu ɗaya take ɗauka. Idan ka jera uku, ido yakan zame a kansu kamar mai karanta jerin cefane. In ƙwallon ce ta fi maka, to ita ma a ba ta haƙƙinta: wace ƙungiya, tun yaushe, wace wahala ta ba ka. Sai dai ka sani, a shafukan maza babu abin da ya kai ƙwallo yawa, kuma ba kowace mace ce ke da abin cewa a kanta ba. Miyar kuka kuwa da wuya ka sami Bahausar da ba ta da ra'ayi.

Amsar irin matar da kake nema ita ce mai wuya, a nan zan daɗe. Abin da ka rubuta gaskiya ne, ban ce ka daina neman mai addini ba. Matsalar ita ce bai tace kowa ba. Wace mace ce za ta karanta ta ce, "Kash, ni ba ni da tarbiyya, bari in wuce"? Kowa na ganin kansa a ciki, saboda haka babu wadda ta ji da ita kake. Kalmar haƙuri kuma, bari in gaya maka yadda take faɗawa a kunnen mata da yawa. Mun ji ta a bakin iyaye da gwaggonni duk lokacin da aka mayar da wata ɗakin da ta gudo daga cikinsa. Idan namiji ya sa ta a gaba tun ba a gaisa ba, wata tambayar da za ta zo mata ita ce: haƙuri da me?

Manhajojin Musulmi yawanci suna da gurbi daban na sallah da aƙida da makamantansu, ka cike can. Wannan gurbin ka yi amfani da shi ka nuna wani yanki na zaman da kake kiran mace ta shigo. A saƙonka ka ambaci cewa duk ƙarshen wata kakan tafi gida, ka hau jirgin ƙasa daga Kubwa zuwa Rigasa, daga nan ka shiga mota zuwa Zariya, don ka ga Inna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin wadda za ta aure ka. Sai ka ce:

"Duk ƙarshen wata nakan tafi Zariya in ga Inna, jirgi zuwa Rigasa sannan mota. Ina neman wadda tafiyar ba za ta zame mata aiki ba."

Wannan ba ta da dariya kamar ta miya, kuma daidai ne. Ba a son duka ukun su zama wasa, sai a ɗauke ka marar nauyi. Tambayoyin da za ta jawo na gaske ne: Inna ita kaɗai take zaune? In an yi aure a Abuja za a zauna ko a Zariya? Kai ne babba a gidan? Waɗannan maganganu ne da ko ba daɗe ko ba jima sai an yi su, gara su zo a mako na farko da a ce sai an kai kuɗin gaisuwa. Kuma wata za ta karanta ta wuce, don ita ba ta son wannan zirga-zirgar. Kada ka ji zafi. Ta rage maka asarar kati da wata uku na hira.

Idan kuma addinin kake so ya fito da bakinka, akwai hanyar da ba ta kama da wa'azi ko nuna kai. Misali mutum ya ce haddarsa ta tsaya a izu biyar tun yana sakandare, bana ya koma, kuma wata sura ce ke ba shi wuya, ya faɗi sunanta. Wadda ta yi Islamiyya tana da abin cewa nan take. Amma sai in gaskiya ne. Abin da ba za ka iya riƙe hirar minti goma a kansa ba, kada ya shiga shafinka, domin duk abin da ka rubuta gayyata ce a tambaye ka.

Abu guda da zan roƙe ka a wannan gurbin: kada ka juya shi ya zama jerin waɗanda ba ka so. Na ga shafuka masu cewa ban da maƙaryata, ban da masu son abin duniya, wadda ba da gaske take ba kada ta ɓata mini lokaci. Maƙaryaciya ba ta karanta wannan ta ja da baya. Ta kirkin ce ke ja, don ta hango mutumin da ya shigo da fushin wata.

Saura "ki tambaye ni". Goge ta yau, ko ba ka sami madadinta ba tukuna. In manhajar na barin a canza tambayar, ka zaɓi wadda ke neman ra'ayi ko gardama, irin wadda Hinge ta sa wa suna "Let's debate this topic". Ba abin da ke motsa mutum ya yi rubutu kamar ya ga an faɗi abin da bai yarda da shi ba, muddin abin ba mai zafi ba ne. Kai kuma Allah ya ba ka jari kyauta, wasan da ke tsakanin Zagezagi da Kanawa:

"Na yarda gurasar Kano ta fi ta ko'ina. Iyakar abin da Bazazzagi zai amince wa Kanawa ke nan, sai dai in kina da na biyu."

Bakanuwa ba za ta iya wucewa ba, sai ta rama. Bazazzagiya za ta ce ko gurasar ma ka yi musu alfarma. 'Yar Bauchi za ta ce a kawo maganar masa tukuna. Wasa ne da kowa ya san ƙa'idarsa, ba ya jawo gaba, kuma ya faɗi garinku ba tare da ka rubuta shi kamar mai cike fom ba. Iyakarsa dai, wadda ba ta tashi cikin Hausawa ba ba za ta gane ba, tana ma iya ɗauka ƙabilanci ne. In manhajar ta haɗa Musulmi daga ko'ina kuma ba ka ƙi auren wata ƙabila ba, bar wannan ka ɗauko gardamar da kowa zai iya shiga. Siyasa da saɓanin malamai kuwa ba a wasa da su a nan. Za ka sami amsa, amma ba irin wadda kake nema ba.

Ka ga a cikin ukun wannan kaɗai ce ta ƙare da ƙalubale kai tsaye. Haka nake so. Wasu da an ce musu su ba da abin amsawa sai su liƙa "Ke fa?" a gindin kowace amsa, shafin ya koma kamar ganawar ɗaukar aiki. "Ke fa?" ba ta gyara amsar da ba ta da komai. Amsar da ke da nama kuma ba ta bukatarta.

Maganar harshe: ko da tambayar da Turanci ta zo, babu dokar da ta hana ka amsa da Hausa. In Bahausa kake nema, amsa ɗaya aƙalla ta kasance da Hausa, cikakkiya, ba irin ta "slm" da "lfy" ba. Ita ma tacewa ce, kuma gudajin miya ba ya daɗin faɗi da wani harshen.

Yanzu gargaɗi, don kada garin neman gira a rasa ido. Fayyace abu daban, fallasa kai daban. Sunan miya, sunan gari, sunan tashar jirgi, duk ba komai. Sunan ma'aikatarku, unguwar da kake zaune, ranar da lokacin da kake hawa jirgin, waɗannan ba na shafi ba ne. Shi ya sa na rubuta ƙarshen wata ban sa rana ba. Dubban mutanen da ba ka sani ba suna gani, ana kuma ɗaukar hoton shafi a tura wa ƙawaye. Wannan ya fi shafar 'yan'uwana mata masu karanta wannan fili, amma kai ma hanyar Kaduna kake bi, ba sai na yi dogon bayani ba. Sannan ka rubuta abin da ba za ka ji kunya ba in yayanta ya karanta. Ba zato ba ne: Muzz, manhajar neman aure ta Musulmi wadda aka fara a Birtaniya a 2015 da sunan Muzmatch, tana ba da damar a sa waliyyi ya riƙa ganin hirar, kuma ko ba wannan, wayar budurwa ba ta rasa mai leƙawa.

Yadda za ka san ko gyaran ya ci: kada ka ƙirga yawan waɗanda kuka zaɓi juna, mai yiwuwa ma su ragu. Ka ba shi mako uku, ka duba saƙon farko na kowacce. Nawa ne suka taɓo wani abu daga cikin amsoshin? Wace amsa suka fi kamawa? Wadda mako uku suka wuce ba wanda ya taɓa ta, canza ta ita kaɗai, ka bar sauran, don ka san abin da ya yi tasiri. In kuma ba a zaɓar ka ma sam, to ba rubutun ba ne, hotunan za a duba, wannan kuma wata wasiƙar ce.

Za a sami waɗanda duk da haka "Slm" ɗin za su turo, ko su yi shiru suna jiran ka fara. Ba rashin gaske ba ne, tarbiyyar ce. Sai ka yi musu abin da kake so a yi maka: amsa sallamar, sannan a cikin saƙon nan guda ka ɗauko abu ɗaya daga shafinta ka yi tambaya a kai. In ta rubuta tana koyarwa, kada ka ce Allah ya taimaka ka tsaya, tambaye ta aji nawa, kuma wane darasi ne yara suka fi gudu. Idan kuwa wata ta kama maganar miyar, kada ka amsa da "Hhh gaskiya ne" ka kashe abin da ka sha wahalar kunnawa. Faɗa mata yadda kake yi daki-daki, ruwa na tafasa ka juye kukar, ka bar ta ta nuna maka inda ka kauce, ranar Asabar ka gwada ka kawo mata rahoto. Hirar mako guda ke nan ba ka nemo ta ba.

Maganin gudajin kuwa na san shi, kowace mace a gidanmu ta san shi, amma ba zan faɗa maka ba. Ka kuma ce wa Inna ta ƙara riƙe bakinta na ɗan lokaci.

Antinka